Makin Sassauci Zalunci ne ga Malamin Ƙwarai

'Yan uwa malamai, akwai wata al'ada da muka daɗe muna kira kirki, alhali ita ce take cin haƙƙin waɗanda suka fi kowa wahala a cikinmu. Idan lokacin cika fom ɗin tantance aiki na shekara ya zo, hedimasta yakan tara su a kan teburinsa, ya bi su cikin yini ɗaya, ya ba kusan kowa maki mafi girma. Sai mu karɓa, mu sa hannu, mu ce Allah ya saka wa Malam, ba ya hana kowa cin abinci. To, mu tsaya mu yi lissafi. A makarantar da take da malamai 20, in 18 suka sami “madalla”, me fom ɗin ya faɗa game da malamar da ba ta taɓa barin ajinta ba, da kuma wanda ba a ganinsa sai ranar da aka ji sufeto zai zo? Bai faɗi komai ba. Ranar da za a duba ƙarin girma, takarda ta riga ta mai da su ɗaya, sai a koma ga wa ka sani da wa ya san ka.

Masana suna kiran wannan kuskuren sassauci, kuma ba mu kaɗai yake damu ba. A 2009 an fitar da wani rahoto a Amurka kan gundumomin ilimi 12 a jihohi huɗu, aka gano cewa inda ake raba malamai kashi biyu, mai gamsarwa da maras gamsarwa, fiye da kashi 99 cikin ɗari an rubuta musu mai gamsarwa. Dalilin a ko'ina ɗaya ne. Mai ba da maki yana zaune da mutanen nan kullum, yana zuwa sunansu da bikinsu, kuma maki kaɗan yana jawo gardamar da ba shi da hujjar tsayawa a kanta, tunda bai rubuta komai ba duk shekara. Maki mai yawa kuwa ba wanda zai tambaye shi dalili.

Rashin rubutun nan shi ne kuma tushen kuskure na biyu, wato auna shekara da makonninta na ƙarshe. Mu ɗauki misalin malamai biyu, a ma'aunin da ya fara daga 1 ya tsaya a 5. Ta farko ta yi aikin da ya cancanci 5 a zangon farko da 4 a na biyu. A zango na uku ɗanta ya kwanta a asibiti, ta yi ta makara, littattafan yara suka taru ba a duba ba, aikinta ya sauka zuwa 2. In aka tara aka raba uku, makinta ya kusa 4. Na biyu ya yi 2 a zangon farko, ya sake yin 2 a na biyu, amma da ya ga lokacin fom ya ƙarato sai ya farka: tsarin darasi kullum a rubuce, shi ne a taron safe, shi ne a shirin bikin ba da kyaututtuka. Zangon nan ya cancanci 5, amma shekararsa 3 ce. Hedimastan da ya dogara da abin da ya tuna zai ba ta 2, ya ba shi 5. Ba mugunta ya yi ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam haka take, abin da ya faru jiya yakan rufe na wata takwas da suka wuce. Illar ita ce malamai sun fahimci haka, sun koyi lokacin da ya kamata a gan su suna aiki, yara kuma su ne suke biyan kuɗin zangon farko da na biyu.

Akwai na uku da ya kamata a ambata a taƙaice. Tun a 1920 Edward Thorndike ya lura cewa hafsoshin soja, in suka yaba wa mutum a abu ɗaya, sukan yaba masa a duk sauran, har waɗanda ba su da alaƙa. A wurinmu, malami mai ladabi da tsaftar tufafi yakan sami maki babba a iya koyarwa ko da ba a taɓa zama a ajinsa ba. Alamarsa a fili take: lamba ɗaya tun daga saman fom har ƙasa.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ga aikin wata goma sha biyu, mu dai mudun muke so. Abin da muke nema ba ya cin ko sisi: littafi ɗaya a ofishin hedimasta, kowane malami da shafinsa. Aƙalla sau biyu a kowane zango a shiga aji a zauna daga farkon darasi har ƙarshe, a rubuta kwanan wata da abin da aka gani, ba ra'ayi ba. “Tana da ƙwazo” ra'ayi ne. “An ɗauki littattafan yara goma, tara an duba su a makon nan” abu ne da kowa zai iya tabbatarwa. Malami ya karanta, ya sa hannu a makon, in yana da ja ya rubuta a ƙasa. A ƙarshen kowane zango a ba da makin zangon a rufe shi, yadda makin shekara zai fito daga uku ɗin nan. Da haka malamar misalinmu za ta sami abin da ta yi gumi a kansa, hedimasta kuma ya sami hujjar da zai nuna wa mai gardama.

Littafin kaɗai ba zai kashe sassauci ba, domin 4 na wannan makaranta yana iya zama 2 na waccan. Dole a faɗi ma'anar kowace lamba da aikin da ido yake gani. A duba aikin yara, alal misali, 5 na nufin ana dubawa kowane mako tare da gyara a rubuce, 3 na nufin ana dubawa amma ba gyara, 1 na nufin wata ya wuce biro bai taɓa littafi ba. Sannan shugabannin makarantun yanki su zauna tare kafin lokacin fom, a ba su bayanin malami ɗaya na misali, kowa ya ba da makinsa, a tattauna inda suka saɓa har ma'auninsu ya daidaita. Yi musu lacca kawai cewa su guji sassauci ba ya wadatarwa. Sau da yawa sai su koma tsanani, su riƙa rage maki don kada a zarge su. Ranar cika fom kuma, a auna duk malamai a kan abu ɗaya kafin a wuce zuwa na gaba, maimakon a gama da mutum ɗaya baki ɗaya.

Wasu za su kawo shawarar a ƙayyade kaso, a ce kashi kaza kaɗai za su sami babban maki. Wannan ba mu yarda da shi ba. A makarantar ƙauye mai malamai biyar, dukkansu suna iya zama haziƙai, kuma tilasta wa hedimasta ya kayar da ɗaya don cika lissafi wani zaluncin ne. Abin da ya dace shi ne wanda yake sa hannu na biyu ya ƙirga: in kusan kowa yana sama, ya nemi a kawo littafin ya gani.

Mun san cewa a cikinmu akwai masu tsoron littafin nan zai zama bulala a hannun shugaba mai ƙullin zuciya. Amma shugaban nan a yanzu ma yana iya rubuta 2 ba tare da ya nuna komai ba, kuma idan ƙorafi ya zo gaban reshe, maganarsa ce da ta malami. Da littafi mai kwanan wata da sa hannu, wakilinmu yana da abin buɗewa a gaban sakataren ilimi. Don haka muke kira ga reshe ya sa wannan buƙata cikin abin da zai gabatar wa hukuma kafin sabuwar shekarar karatu, kuma kada ɗayanmu ya sake sa hannu a fom ɗin da ba a cika ba, ko wanda bai karanta ba.