A'a Malam, Ba Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Su Ba

Malam, ka rubuta cewa mai kuɗin da zai buƙata cikin shekara biyu ya kulle su a banki kawai, wai ajiyar wa'adi da takardun baitulmali duk ɗaya ne. Ban yarda ba.

A ce naira miliyan 10 ce. Idan banki ya rushe, kamar yadda aka soke lasisin bankin Heritage a 2024, inshorar ajiya miliyan 5 take biya. Sauran sai an sayar da kadarorin bankin, alhali lokacin biyan kuɗin makaranta ba ya jira. Takardar baitulmali kuwa Gwamnatin Tarayya ka ranta wa.

Lissafinka ma da gyara. In ragin takardar baitulmalin kashi 18 ne na kwana 364, kusan miliyan 8.2 za ka biya, ka karɓi miliyan 10. Ribar ta kusa kashi 22 ke nan, kuma da wannan ya kamata ka auna tayin banki.

Wa'adin takardar baitulmali mafi tsawo kwana 364 ne, sai a sabunta bisa farashin ranar. Wanda ya sayar kafin lokaci bayan kuɗin ruwa ya hau zai iya yin asara, don haka a daidaita wa'adin da ranar buƙata.