Natsuwa a Salla Tana Farawa Tun Kafin Kabbara

Duk lokacin da aka tayar da zancen rashin natsuwa a salla, akan ɗora wa Shaiɗan laifi a tashi. Ba mu musa cewa yana da hannu ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ra'ayinmu shi ne, yawancin sallolin da ke kuɓuce wa ɗalibi ko ma'aikaci tun kafin kabbarar harama suke kuɓucewa, kuma a nan ya kamata gyara ya fara.

Mu ɗauki sallar Azahar, domin ita ta fi shan wahala a hannunmu. Ɗalibi ya fito daga lacca da yunwa, ga jarrabawa gobe. Ya ji an tayar da iƙama, ya yi alwala a gurguje, ya shiga sahu yana haki. Zuciyar da ta yi awa biyu tana bin lissafi ba za ta tsaya cak don an ɗaga hannu ba.

Abin yi na farko shi ne a sauke mata kaya. Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya hana salla alhali an ajiye abinci, ko mutum yana matse da fitsari ko bayan gida. Ya kuma taɓa mayar da wata riga mai zane saboda ta ɗauke masa hankali yana salla. To, ina ga wayar da ke motsi a aljihu? A kashe ta tun a wurin alwala. Abin da ake tsoron mantawa, ko sunan littafi ne ko wani fayil na ofis, a rubuta shi a takarda, domin zuciya takan yi ta nanata abu ne don gudun kada ya ɓace. Sannan a riga liman isa da minti biyar, a yi nafila raka'a biyu, numfashi ya kwanta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta mai korar tunani a cikin salla da wanda ya zauna gindin itace yana korar tsuntsaye da sanda: yana kora suna dawowa, muddin itacen na tsaye.

Na biyu, a ba zuciya aikin yi, don ba ta iya zama hannu rabbana. Azahar da La'asar a ɓoye ake karatunsu, kuma da yawa daga cikinmu sukan tsaya shiru bayan liman, suna jiran ruku'u. A wannan shirun ne tunani ke samun fili. A mazhabar Malikiyya an so mamu ya yi karatu a sallar ɓoye, kuma mafi ƙarancin karatun ɓoye shi ne motsa harshe. Fatiha aya bakwai ce, tana cikin kowace ɗaya daga raka'o'i 17 na farillan yini. Wanda ya iya haddace babi guda don jarrabawa ba zai kasa sanin ma'anar aya bakwai cikin mako ɗaya ba, aya ɗaya kowace rana. In ya sani, sai ya riƙa tsayawa a ƙarshen kowace aya gwargwadon numfashi guda. Haka kuma ya riƙa sauya sura, domin wadda harshe ya saba da ita ƙwarai takan wuce ba tare da zuciya ta sani ba.

Na uku, a san abin yi idan hankali ya tafi, domin zai tafi. Kowace kabbara wurin dawowa ce, kuma a raka'a huɗu akwai fiye da ashirin. Da an farga, a koma ga kalmar da ke bakin, kada a tsaya zargin kai, don shi ma zargin wani yawon ne. Mai salla shi kaɗai da ya yi kokwanto ko uku ya yi ko huɗu, sai ya ɗauka uku ne, ya ƙaro ɗaya, ya yi sujadar ba'adi. Amma wanda kokwanto ke zo masa kullum, hukuncinsa daban ne: ya ɗauka ya cika, ya yi ba'adi kawai. Sake salla da sake niyya ba sa kashe waswasi, ciyar da shi suke yi.

Muna kira ga 'yan'uwa su gwada wannan a salla ɗaya tak, wato Azahar, har mako biyu. Ma'aunin mai sauƙi ne: bayan sallama, mutum ya tambayi kansa wace sura ya karanta a raka'ar farko. Ranar da amsa ta zo ba da lalube ba, an fara samun kan zaren. Allah Ya ba mu natsuwa a gabanSa, amin.