Kuɗin Goron da Ake Yi wa Baƙi

A ɗauki matashi Bagbagyi, Kirista, haifaffen Kujama a ƙaramar hukumar Chikun. A gida an san harshensa da zuriyarsa da gonar kakansa. Ranar da ya sauka a Legas neman abinci, sai sunansa ya koma "Aboki", domin a idon mai masauki duk wanda ya ƙetaro Kwara Bahaushe ne. Idan Allah ya kai shi Landan, takarda za ta jefa shi cikin rukunin "Baƙar Fata ɗan Afirka", rukunin da ƙidayar Birtaniya ta fito da shi a 1991, inda zai zauna tare da Basomale da Bayarabe da mutumin Kongo. Mutum ɗaya ne, amma kowane zango sai an rage masa wani abu.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa sauƙi ake nema, wai hukuma ba za ta iya lissafa ƙabilu ɗaruruwa ba. To, sauƙin wa? Asibitin da ya rubuta "Baƙar Fata" bai san wane tafinta zai kira ba. Wanda ya gudo daga yaƙi da wanda ya zo karatun digiri ba buƙatarsu ɗaya ba, amma alƙaluma sun cuɗe su, wadatar wani ta rufe yunwar wani. Kuma ranar tashin hankali, irin na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, mai riƙe da gora ba ya tambayar ɗan Arewa harshen da ya sha a nono.

Sai dai laifi tudu ne. Kafin Bature ya yi mana kuɗin goro, mu muka fara yi wa maƙwabtanmu. Mun kira Gbagyi "Gwari", Adara "Kadara", Bajju "Kaje", Atyap "Kataf", Ham "Jaba". Da ɗayansu ya zo Kano ko Zariya aiki, sai mu dunƙule su duka mu ce "ƙabila", kamar mu ba ƙabila ba ne.

Su ma sun rama da "Hausa-Fulani". Ƙarƙashin wannan laƙabi an haɗa makiyayin Ladduga da ɗan kasuwar Kafanchan da Bahaushe Kirista, alhali sana'arsu da harshensu na gida, wani lokaci har addininsu, ba ɗaya ba ne. Shi ya sa idan saniya ta ci gona a daji, mai tireda a gari ke kwana da fargaba. Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992 sun isa ishara.

Ba cewa nake a soke manyan rukunai ba. Suna da rana wajen auna wariyar launin fata, tunda mai wariya fatar yake gani. Amma su tsaya a nan, kada su zama sunan yanka. Ya kai ɗalibi mai rubuta kundi, kada ka rubuta "mutanen Kudancin Kaduna sun ce" alhali Bajju uku ka zanta da su a Zonkwa. Faɗi su wane ne, da sunan da suke kiran kansu. Wanda ya ƙi kiran maƙwabcinsa da sunansa ba shi da bakin kuka in an kira shi "Aboki" a Legas.