Alawus ba ya bin mutum gida ranar ritaya

Tun ranar Talata raina yake a ɓace. Wani maƙwabcina da ya yi shekara 20 a wani kamfani ya kawo mini takardar sallamarsa, yana tambaya ko kuskuren lissafi aka yi. Babu kuskure. An dai gina masa albashinsa ne yadda zai ga kuɗi a hannu duk wata, amma ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ke faɗowa a asusunka ƙarshen wata kashi biyu ne: gundarin albashi, da alawus-alawus na gida da sufuri da abinci da sauransu. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kashi 10. Amma na me? Mafi ƙarancin abin da dokar ta yarda a yi lissafi a kansa shi ne gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri. Saura kuwa ana iya barinsa a waje.

Mu ɗauka mutum biyu ne, kowa na karɓar naira 200,000. Na farko gundarinsa 100,000, gida 50,000, sufuri 30,000, jimla 180,000, don haka 32,400 ke shiga asusun fanshonsa duk wata. Na biyu gundarinsa 40,000, gida 20,000, sufuri 10,000, sauran 130,000 an raɗa musu sunaye iri-iri. Shi 12,600 kawai ake tara masa. Giɓin wata guda 19,800 ne, a shekara 20 ya haura miliyan 4 da dubu 700, ban da ribar da kuɗin za su haifa.

Garatuti ya fi ciwo. Idan yarjejeniyar aiki ta ce gundarin albashin wata ɗaya a kan kowace shekara, na farko zai tafi da miliyan 2, na biyu da 800,000.

Za a ce ai na biyu ya fi ganin kuɗi a hannu, tunda 5,600 ake cire masa maimakon 14,400. Haka ne, amma kason da mai aikin yake zubawa ya faɗo daga 18,000 zuwa 7,000, kuma wannan shi ne dalilin tsarin tun farko. Wannan zalunci ne, ko da doka ba ta hana ba. Kuma na sha faɗa a shafin nan, shugabannin ƙwadago da ke fitowa daga zaman sulhu suna murnar sabon alawus, gundarin albashi na nan inda yake, suna da hannu a ciki.

Ɗan'uwa ma'aikaci, ka ɗauko takardar albashinka yau, ka haɗa gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri, ka fitar da kashi 18, ka gwada da saƙon da kamfanin fanshonka ke turo maka. In bai kai ba, ka kai ƙara hukumar PenCom tun kana bakin aiki.