Waiwaye: Naira ɗari uku ta awar wa?

A shekarun da nake koyar da lissafin kuɗin aiki, akwai takardar wata ɗaliba da har yau nake tunawa, don saura kaɗan in ba ta cikakken maki. Rubutu tsaf, jimilla daidai, ba ko gogewa.

Tambayar a kan shagon kafinta ce. An yi kasafin kuɗin hidimar shago na shekara, wato haya da wuta da man janareta da albashin mai gadi, naira 2,400,000. An ƙiyasta awannin ma'aikata 6,000, na injina 8,000, aka ce a raba hidimar bisa awannin ma'aikata tunda yawancin aikin na hannu ne. Odar kujeru ta ci katako da sauran kaya na naira 120,000, ladan aiki 30,000 na awa 50.

Ta kawo naira 165,000. Ni kuwa 170,000 ce a hannuna. Na bi layukan ƙasa sau biyu ban ga aibu ba, domin kowane tari da ninki nata ya zauna. Sai na koma can sama, na tarar ta rubuta kason hidima "300" tsurarsa, ba ta ce na awar wa ba. Ashe ta raba 2,400,000 da awannin injina, ta zo kan kujeru ta ninka da awannin ma'aikata. Da mudu ɗaya ta auna, da wani ta sayar.

Na kira ta, ban nuna mata wurin ba. Na ce, "Ninka kasonki da awannin ma'aikata na shekara duka."

Ta buga, ta yi shiru. "Malam, 1,800,000 ya ba ni."

"To ragowar 600,000 ɗin, wa zai biya?"

Nan take ta gane. Kason da aka fitar daidai, in an ninka shi da jimillar awannin da ake caji da su, dole ya mayar da kasafin cif. Naira 400 sau 6,000 ta mayar da shi, saboda haka hidimar kujerun 20,000 ce, ba 15,000 ba. Giɓin 5,000 a oda ɗaya ba ya tayar da hankali, shi ya sa nake tsoron wannan kuskure: kafinta zai yi ta yanka farashi a kansa yana ganin riba, sai ƙarshen shekara ya tarar kashi ɗaya cikin huɗu na hidimarsa babu wanda ya biya.

Gwajin yana da iyaka. Da ta yi amfani da awannin injina a rabawa da ninkawa duka, lissafin zai rufe lafiya ko da ta saɓa wa tambaya. Wannan sai an koma an karanta abin da aka nema.

Na cire mata makin kason kaɗai, na bar mata na sauran matakan tunda hanyarta daidai ce. Daga ranar, kowace takarda daga kason nake fara dubawa, kuma ba na karɓar lamba sai an rubuta awar wa ce a gefenta.