FITILAR ƘOFA: SAI AN GWADA AWA GUDA CUR

A ɗakunan taro, da otel-otel, da manyan ma'aikatu, ana ganin wata ƴar fitila bisa ƙofa, da koren allo mai hoton mutum yana gudu. Batir gare ta a ciki. In wutar lantarki ta ɗauke, sai ta kama da kanta, ta nuna ma jama'a hanyar fita.

Dokar Faransa ta ranar 25 ga watan Yuni 1980 ta ce batir ɗin ya riƙe fitilar awa 1 a ƙalla. Amerika ta ce minti 90. Dokar Faransa ɗin ta ajiye gwaji iri biyu: kowane wata a yanke wuta a ga ko duk fitilun sun kama, kowane wata 6 a bar su su ci awa guda cur.

Gwaji na biyu shi ne ake ma kasala, alhali shi kaɗai ke faɗin gaskiya. Ɗan hasken da ke kunne kullum jikin fitilar shaida ce ana ba batir wuta. Ba shaida ba ce yana riƙe ta. Batir da ya gaji yana iya kamawa sarai, ya mutu bayan minti 10. Mai gwajin wata-wata zai rubuta "lafiya lau", kuma bai yi ƙarya ba.

Ga yadda ake yi. A zaɓi ranar da babu jama'a. Mai gyaran lantarki ya yanke layin fitilun ɗakin, a duba agogo. A ce fitila 12 ne. A zagaya da farko, a sake zagayawa da minti 30, a koma da minti 60. In 2 sun mutu kafin lokaci, a rubuta lambarsu da ranar cikin littafi, a sake masu batir. Sannan a maido wuta, a ba su awa 12 zuwa 24 su cika. Wanda ya yi gwaji da la'asar ya buɗe taro da magariba, ya tara mutane cikin ɗakin da batir ɗinsa duka wofi ne.

Amma wata 6 ɗin nan lissafin ƙasar sanyi ne. Ana ƙera batir ɗin don ya yi kamar shekara 4, zafi kuwa yana rage mashi kwana, ga fitilar maƙale kusa da rufin kwano. A Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, ya kamata shugabannin ma'aikatu su sa a yi gwajin kowane wata 3, ɗaya ya faɗo ƙarshen bazara.

Sai batun mai gadi da ke kashe babban makunni kowane dare don tattalin kuɗi. Fitilun ba su san an tashi aiki ba: kamawa suke yi har batir ya ƙare, da safe jama'a su shigo bai cika ba. Akwai wani makunni na musamman da ke sa su hutu. Shi za a nuna ma mai gadin.