Maki 80 Ba Shaidar Ƙwarewa Ba Ne: Tsokaci Kan Awon Ingancin Gwajin Tarin Fuka

Mai tarin da ya taso daga Ruwan Bore zuwa Gusau don a duba kakinsa ba shi da hanyar sanin ko sakamakon da aka ba shi gaskiya ne. Abin da ke tsaya masa shi ne jarrabawar da ake yi wa ɗakin gwajin daga waje, irin wadda cibiyar tantance inganci ta ƙasa da ke Saye a Zariya take shiryawa.

A ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ƙa'idojin duniya na shekarar 2002 suka zayyana, ana aika wa ma'aikaci gilasai goma da aka shafa wa kaki, waɗanda masu aikowa kaɗai suka san abin da ke cikinsu. Amsa daidai tana da maki 10. Ƙaramin kuskure yana da maki 5, kamar kuskuren ƙiyasta yawan ƙwayoyin cuta, ko kasa ganinsu a gilashin da ba su wuce 9 ba a fage 100. Babban kuskure kuwa, wato a ce babu cuta a gilashin da ke cike da ita ko akasin haka, ba shi da maki. Galibi 80 ne makin tsallakewa.

A nan gizo ke saƙar. Ma'aikacin da ya yi ƙananan kurakurai huɗu ya sami 80. Wanda ya kira gilasai biyu masu cike da ƙwayoyi "babu cuta" shi ma ya sami 80. A takarda daidai suke, amma na biyun yana sallamar masu cuta su koma gida su yaɗa wa iyalansu. Saboda haka ya kamata babban kuskure ko da guda ɗaya ya jawo bincike, komai yawan maki.

Binciken kuma da kayan aiki ya kamata ya fara, kafin a ɗora laifi kan mutum. Idan ma'aikaci ya karanta gilasan da aka aiko da rininsu daidai, ya kasa a waɗanda ya rina da kansa, to matsalar tana ga rinin ko yadda ake dumama shi. Idan ya kasa a duka biyun, sai a duba madubin na'urarsa da yawan fagen da yake dubawa kafin ya yanke hukunci. Ganin cuta inda babu ita kuwa yakan fito daga rinin da ba a tace ba, ko man madubin da ya kwaso ƙwayoyi daga gilashin baya.

Bayan gyara sai a rubuta abin da aka gano, a sake jarrabawa da sababbin gilasai. Matakin da bai kamata a tsallake ba shi ne sake duba gilasan majiyyatan da aka ajiye, a nemo duk wanda aka sallama bisa kuskure, ko da yana Tsafe ko Bunguɗu, a fara masa magani.